Yadda mai kasuwanci a yanar gizo za ta amsa takardar neman lissafin ciniki da shaidar rajista

Takardar hukumar haraji tana iya zuwa a hannun yaron da ke kai miki saƙo, ko a bari a shagon da kike ajiye kaya, ko ta shigo ta imel. Abu biyu take nema: lissafin jimillar cinikin da kika yi a wani tsawon lokaci, da shaidar cewa kasuwancin yana da rajista. Ƙarƙashi kuma an sa wa'adi. Zan yi magana da mace, don a Katsina da Daura mata ne suka fi sayar da atamfa da leshi da mayafi ta WhatsApp da Instagram, amma namiji mai sayar da takalma ko waya hanyarsa ɗaya ce.

Abin da ya fi komai nauyi a wannan aiki shi ne ki iya nuna cewa ba duk kuɗin da ya faɗa asusunki ne ciniki ba, kuma ba duk ciniki ne riba ba. Wadda ta iya raba waɗannan uku a kan takarda ta gama yawancin aikin. Amma kafin a kai nan akwai abin da za a fara yi.

Fara da sanin wanda ya aiko

Kada ki kira lambar wayar da ke jikin takardar, kada kuma ki danna wani mahaɗi da aka turo miki. Ɗauki takardar ki je ofishin hukumar da sunanta ke sama, ki nuna lambar wasiƙar ki ce a duba ko daga wajensu ta fito. Idan fita na yi miki wuya, maigida ko ƙaninki zai iya zuwa da kwafi. Wasiƙar gaskiya tana da lamba da kwanan wata da sunan jami'in da ya sa hannu da muƙaminsa, kuma tana faɗin shekarar da ake tambaya a kanta. Wanda ya ce ki tura kuɗi asusun wani mutum "a rufe fayil", ko ya nemi lambar sirrin da banki ya turo miki ta waya, ɗan damfara ne ko da takardarsa ta sha tambari.

Sanin wanda ya aiko yana kuma gaya miki ko shi ke da hurumi. Mutumin da ke kasuwanci shi kaɗai, ko da ya yi wa sunan kasuwancin rajista, harajin abin da ya samu na jihar da yake zaune ne. Ke da ke zaune a Ƙofar Ƙaura ko Daura, Hukumar Tattara Kuɗin Shiga ta Jihar Katsina ce taki, ko da rabin kwastomominki a Abuja suke. Hukumar tarayya, wadda aka sani da FIRS kafin ta koma NRS a farkon 2026, tana kula da harajin kamfanoni da kuma VAT, wato harajin da ake ɗorawa a kan farashin kaya. Ita kuwa CAC, hukumar rajistar kamfanoni da sunayen kasuwanci, rajista ce aikinta, ba ta karɓar harajin riba. Wani lokaci ma banki ne ko manhajar karɓar kuɗi ke neman takardun, saboda sun ga kuɗin kasuwa na yawo a asusun da aka buɗe na ajiya. Wannan a cikin manhajar ko a reshen bankin ake amsa shi. Abin da ke biye ya shafi takardar hukumar jiha ce, don ita ce ke da wa'adin da ake cizon yatsa idan ya wuce.

Da an tabbatar takardar ta gaskiya ce, rubuta ranar da ta zo hannunki a bayanta. Idan kin ga wa'adin ba zai ishe ki ba, rubuta 'yar wasiƙa tun kafin ya cika, ki ce kin samu takarda mai lamba kaza, kina haɗa bayanan banki, kina roƙon ƙarin kwanaki kaza. Kai kwafi biyu, a buga miki hatimi a ɗaya ki dawo da shi. "Ba komai Hajiya, ki kawo duk sanda kika gama" magana ce mai daɗi, amma ba ta shiga fayil, kuma wanda ya faɗe ta ana iya canza masa wurin aiki.

A kwanakin nan kada ki goge hotunan kaya a shafinki, kada ki canza sunan shafin, kada ki kwashe kuɗi ki rufe asusu. Banki yana riƙe da bayanan ko kin rufe, sai dai kawai ki jawo wa kanki zargi. Hirarrakinki da kwastomomi kuwa su ne shaidarki. Idan kin kunna `Disappearing messages` a WhatsApp, kashe shi yau.

Fitar da cinikin daga cikin asusu

Nemi sitatimen na duk asusun da kwastoma ya taɓa turo miki kuɗi, daga 1 ga Janairu zuwa 31 ga Disamba na shekarar da aka ambata. Duka, har da na Opay ko Moniepoint da kike ganin na ƙananan kuɗi ne. Idan akwai lokacin da kika riƙa ba da lambar asusun ƙanwarki saboda naki ya samu matsala, wannan cinikin ma naki ne, ki nemi shafukan watannin daga wajenta.

Buga su a takarda, ki samu biro kala biyu da littafi sabo. Za ki bi kuɗin da suka shigo layi-layi, kowane ki sa masa alama: ciniki ne ko ba ciniki ba. Aikin yana cin rai, musamman watan azumi da gabanin babbar salla inda alat ke shigowa ba ƙaƙƙautawa, amma babu wanda zai yi miki shi, domin akanta bai san cewa mai sunan nan da ke turo dubu ɗari da ashirin duk ƙarshen wata mijinki ne ba. Inda kika ga sunan da ba ki gane ba, kamar na mai POS da wata kwastoma ta tura ta wajensa, koma hirar WhatsApp ta wannan ranar. Galibi za ki tarar da hoton risit ɗin da ta turo tana cewa "na saka, ki duba". Hirar da za ki buƙata a matsayin shaida ki fitar da ita ta `Export chat` ki ajiye.

Mu ɗauki misalin wata mai sayar da atamfa da leshi daga gida a Ƙofar Marusa, tana saro kaya a Kantin Kwari a Kano, tana aika wa kwastomomi ta tasha. Alƙaluman na misali ne, tsarin shi ne abin koyi. Asusunta biyu, kuma duk abin da ya shigo cikinsu a shekara ya kai N14,600,000. Da ta bi layi-layi sai ta ware waɗannan:

- kuɗin da ta tura daga asusunta ɗaya zuwa ɗayan: N2,100,000
- kwasar adashe: N1,200,000
- kuɗin cefane da na makarantar yara daga maigida: N1,440,000
- rancen da yayanta ya ba ta don sarin salla: N800,000
- tiransifa da ta ƙi tafiya ta dawo, da kuɗin da ɗan kasuwa ya mayar mata: N260,000

Jimillarsu N5,800,000. Idan aka cire, saura N8,800,000. Sai kuma abin da sitatimen ba ya nunawa, wato maƙwabta da 'yan uwa da suka zo har gida suka biya da tsabar kuɗi. Ta duba littafinta ta ga N700,000, ta ƙara. Cinikinta na shekara N9,500,000 ke nan.

Na san za a ce me ya sa za ta ƙara kuɗin hannu alhali ba wanda ya gani. Ban da cewa ɓoyewa laifi ne, lissafin da kansa yana tona asiri. Jami'in da ya san aikinsa zai dubi yawan kayan da ta saro da yawan wanda ya rage, ya ga turamen da suka fita sun fi kuɗin da aka nuna. Daga nan sai ya daina yarda da sauran bayanan, har da na adashen da gaskiya ne.

Kowane abu da kika ware yana son madogara. Tiransifa tsakanin asusunki tana da sauƙi, za a gan ta ta fita can ta shigo nan rana ɗaya da sunanki. Adashe kuwa ki nemi uwar adashe ta ba ki hoton shafin littafinta, sannan ki yi alama a kan zubin da kike yi duk wata a sitatimen, domin zubin da ya fita shi ne ke tabbatar da kwasar da ta shigo. Rance ma haka, nuna inda kika biya, ko yayan naki ya rubuta layi uku ya sa hannu. Idan kuma akwai kuɗin da kika kasa tuna na mene ne, kada ki ƙirƙiro masa labari. Sa shi a ciniki, ko ki ware shi a gefe ki rubuta cewa ba a tantance ba.

Abubuwa biyu suna rikita mutane a nan. Na farko kuɗin aike: kwastoma a Funtua ta turo kuɗin leshi haɗe da na mota. Hanya mafi sauƙi ita ce a bar shi cikin ciniki, sannan abin da kika ba direba a tasha ya shiga cikin kuɗin da aka kashe. Na biyu masu tallata kayan wani. Idan hoton kayan wani ɗan Kwari kike sawa, kwastoma ta turo miki, ki cire ladanki ki tura masa sauran shi ya aika, to ki ware waɗannan a shafi daban ki haɗa kowane shigowa da fitarsa. Miliyoyi na iya ratsa asusunki alhali abin da ya zauna bai taka kara ya karya ba, kuma hirar da kuka yi da mai kayan a kan lada ita za ta nuna haka.

A ƙarshe ki mayar da komai shafi ɗaya: watanni goma sha biyu a jere, gaban kowane abin da ya shigo, abin da aka ware, cinikin hannu, da cinikin gaskiya. Wannan shafin shi jami'i zai fara karantawa. Sitatimen yana bayansa ne don tabbatarwa.

Daga ciniki zuwa riba

Takardar ciniki kawai ta nema, amma ina ba da shawara a kai har da lissafin riba, domin harajin mutum a kan riba ake ɗora shi, kuma wanda aka miƙa masa miliyan tara da rabi ba tare da bayani ba zai ƙiyasta ribar da kansa. Doka ta ba hukuma damar yin ƙiyasi idan ba a kawo bayani ba ko wanda aka kawo bai gamsar ba.

Mu koma ga mai atamfarmu. Ta shiga shekara da kayan N600,000 a ɗaki, ta saro na N7,400,000, ta fita da ragowar N900,000. Ke nan kayan da ta sayar sun tsaya mata a N7,100,000. A kuɗin sari ake ƙirga ragowar kaya, ba a farashin da za a sayar ba, a nan mutane da yawa ke tuntuɓe. Cire wannan daga N9,500,000, saura N2,400,000. Sai kuɗin mota zuwa Kano da dako da aike N420,000, data da talla N180,000, leda da cajin banki N100,000. Ribarta N1,700,000.

'Yan Kwari ba kowa ke ba da risit ba, amma tiransifar da kika yi musu tana nan da sunansu, kuma wanda kuka saba da shi ba zai ƙi rubuta miki takardar abin da kika saya a wajensa ba. Abin da ba ya shiga nan shi ne na gida: turmin da kika ɗinka wa kanki, ankon biki, kuɗin asibiti. Data kuma idan waya ɗaya ce ta kasuwa da ta zumunci, raba ta ki sa kason da hankali zai ɗauka.

A ƙarƙashin dokokin haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025, waɗanda suka fara aiki 1 ga Janairun 2026, naira dubu 800 na farko a shekara babu haraji a kansu, miliyan 2 da dubu 200 da ke biye kuma kashi 15 cikin ɗari ne. Ribar N1,700,000 ke nan sai a cire N800,000, a ɗauki kashi 15 na N900,000, ya zama N135,000 a shekara, kafin a duba wani rangwame, kamar na kuɗin hayar gida idan ita ke biya. Idan shekarar da ake tambaya ta gabaci 2026, da tsohuwar doka za a lissafa, adadin zai bambanta, amma hanyar fitar da ribar ba ta canzawa. Batun VAT kuwa, tun dokar kuɗi ta 2019 an ɗauke wa wanda cinikinsa bai kai miliyan 25 a shekara ba nauyin karɓa da miƙawa, sabuwar doka ma ba ta mayar da ƙananan 'yan kasuwa ciki ba. Mai cinikin miliyan tara da rabi ba ta cikin wannan layi, kuma wannan wani dalili ne na kada a bar kuɗin adashe da na cefane su kumbura lissafi.

Shaidar rajista

A nan ki karanta takardar da kyau, don rajista kala-kala ce. Akwai ta CAC, akwai lambar mai biyan haraji, akwai kuma rajistar wurin kasuwanci da jiha ke karɓa a kan shaguna. Idan ba a fayyace ba, tambayi jami'in wacce ake nufi ranar da kika je tantance wasiƙar.

Dokar kamfanoni ta 2020 ta ce wanda ke kasuwanci da sunan da ba ainihin sunansa ba ya yi wa sunan rajista cikin kwana 28 da farawa. Idan da sunanki na yanka da na mahaifinki kawai kike ciniki, ba tare da wani ƙari ba, wannan bai hau kanki ba, sai ki faɗi haka a wasiƙarki. Amma da zarar an liƙa wa shafin irin `Collections` ko `Fabrics`, ya zama sunan kasuwanci.

Idan kina da rajista, abin da za ki kai shi ne satifiket mai lambar da ta fara da BN, da takardar `Status Report` mai nuna mai kasuwancin da adireshi. Kafin ki kai, shiga shafin binciken CAC ki rubuta sunan. Idan wani ne ya yi miki a shagon kwamfuta shekarun baya, tabbatar sunan yana nan, kuma naki ne ke jiki ba nasa ba. Idan kin ga `Inactive`, yawanci bayanin shekara-shekara ne ba a shigar ba. Sai a shigar da na shekarun da aka tsallake, a biya tarar jinkiri.

Idan ba ki da ita, yi yanzu. Ana buƙatar lambar NIN, hoto, sa hannu, adireshi, bayanin irin kasuwancin, da sunan da kike so, tare da wani a ajiye ko an riga ki. Ta shafin CAC ake yi, kuma za ki iya yi da kanki. Satifiket zai fito da kwanan watan da aka yi shi, kada ki bari wani ya ce zai "gyara" miki ya koma baya, don jami'i zai iya dubawa a wayarsa kina tsaye. Faɗi gaskiya: kin fara ciniki a shekara kaza, kin yi rajista a wata kaza, ko kuma kin shigar ga shaidar biya. Kada kuma tsoro ya sa ki buɗe kamfani mai `Ltd` alhali sunan kasuwanci ya ishe ki. Kamfani yana zuwa da nasa ɗawainiyar, ya kuma kai ki hannun hukumar tarayya, sannan bai shafe tambayar da ake yi miki a kan shekarar da ta wuce ba. Lambar haraji kuwa, a sabon tsari an ɗaure ta da NIN ga ɗaiɗaikun mutane, sai ki je da katinki, da tsohuwar lambar TIN idan kina da ita.

Masu sayar da man shafawa, yaji, ko kayan mata da suke haɗawa da kansu, su sani satifiket ɗin CAC ba ya tsaya musu a matsayin lambar NAFDAC. Wannan wata ƙofa ce daban.

Miƙawa da abin da ke biyo baya

Wasiƙar amsa kada ta wuce shafi ɗaya: lambar wasiƙarsu da kwanan watanta, sunanki da adireshi, irin kasuwancin da lokacin da aka fara, jimillar ciniki, riba, da jerin takardun da aka haɗa, kowace da lamba. Ba wurin ba da labarin tsadar rayuwa ba ne. Kwafi za ki bayar, asali ya zauna a gida, ki tafi da shi kawai idan an ce a gani. A buga hatimi da kwanan wata a kwafin wasiƙarki, ki ɗauki hotonsa tun kafin ki bar harabar.

Ana iya kiran ki don ƙarin bayani. Je da littafin da kika yi aikin a ciki, ki amsa abin da aka tambaya. Idan an zo kan adadin da ba ki tuna ba, ki ce za ki duba ki kawo a rubuce. Idan cinikinki ya kai miliyoyi masu yawa, ko ana tambayar shekaru da dama a haɗe, a nan ne kuɗin akanta ko lauya ke biyan kansa.

Bayan haka takardar ƙiyasin haraji za ta fito. Gwada adadin da naki lissafin. Idan sun yi daidai, biya ta hanyar da hukumar ta tsara, ki karɓi risit mai sunan gwamnatin jiha da naki, ba a hannun mutum ba. Idan ya zarce, kina da kwana 30 daga ranar da takardar ta same ki ki rubuta ƙin amincewa, ki faɗi dalili da adadin da kike ganin shi ne daidai, misali cewa an ƙirga kwasar adashe ta N1,200,000 a ciniki, ga shaida a takarda ta huɗu. Idan kwana 30 suka wuce shiru, ƙiyasin ya zauna, ko da kuskure ne a fili. Idan hukumar ta ƙi sauyawa, akwai kotun ɗaukaka ƙarar haraji, wadda ta shiyyar Arewa maso Yamma ke zama a Kaduna.

Takardun nan duka, da sitatimen da littafin, ki adana su aƙalla shekara shida, don hukuma na iya waiwayar shekarun baya. Tun daga watan da kike ciki ki ware asusu ɗaya na kasuwa zalla, adashe da cefane su koma ɗayan, cinikin hannu kuma ki rubuta shi a ranar da aka yi. Bayanin kuɗin shiga na shekarar da ta gabata ana kai wa hukumar jiha ne kafin ƙarshen Maris, na CAC kuma ga mai sunan kasuwanci zuwa 30 ga Yuni, ban da shekarar da aka yi rajistar.